Kuɗin Suna a Cinikin Shago

Idan ɗan kasuwa mai zaman kansa, wanda ba shi da abokin tarayya, ya yi niyyar sayar da shagonsa, ko don tsufa ya cim masa, ko don yana so ya koma wata sana'a, akan fara da ƙidaya abin da ido yake gani, watau hajar da ke jere a kanta, da sikeli, da janareto, da mota, da littafin waɗanda ake bi bashi. Amma bayan an gama wannan lissafi duka an yi jimla, sai ka ji mai shago ya ce albarka, ya ɗora wani adadi a kai, in an tambaye shi dalili ya ce ai shekara ashirin ya yi yana gina wannan suna, kuma ba zai miƙa shi kyauta ba. Wannan ƙari shi ne akantoci suke kira gudwil da Turanci, Larabawa kuma suna kiransa shuhurar wuri, mu kuwa za mu kira shi kuɗin suna. Mas'alarsa tana da rassa biyu, yadda za a ƙimanta shi ba tare da an zalunci ɗaya daga cikin masu cinikin ba, da yadda mai saye zai shigar da shi cikin littattafansa bayan an sallama.

Shari'ar Ingila ta daɗe da sanin wannan abu, domin tun a 1810 babban alƙalinsu Eldon ya bayyana shi da cewa zato ne mai rinjaye na cewa tsofaffin abokan ciniki za su ci gaba da zuwa tsohon wuri. Malaman Musulunci su ma ba su bar shi ba. A mazhabar Malikiyya an san fatawar Shehu Nasiruddini Laƙani game da haƙƙin zama a shago, wanda ake kira khuluwwi, sa'an nan Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait cikin Disamba 1988, ta zartar da cewa sunan kasuwanci da alamarsa haƙƙoƙi ne masu ƙimar dukiya a al'adar wannan zamani, kuma ya halatta a sayar da su matuƙar babu garari ko yaudara ko algus. Wannan sharaɗi na ƙarshe shi ne ya sa lissafin ya zama wajibi, gama abin da ba a taɓa shi da hannu ya fi kome saurin shigar da jahilci cikin ciniki.

Bari mu buga misali, mu bi shi daga farko har ƙarshe. Mu ƙaddara wani Alhaji ne yake da shagon sarin kayan masarufi a Kano, shinkafa da sukari da taliya da man girki, kuma wani saurayi da ya tara jari yana so ya saya. Littafin Alhaji ya nuna ribar shekara uku a jere: naira miliyan 7.2, da miliyan 8.4, da miliyan 9.6, matsakaicinsu miliyan 8.4 ke nan. Alhaji ya ce a ba shi ribar shekara biyu kuɗin suna, watau miliyan 16.8, ban da kuɗin kaya. Wannan hanya ta ninka matsakaiciyar riba da wasu shekaru ita ce ta fi sauƙi, ita ce kuma ake fara koya wa ɗalibai, amma a hannun ɗan kasuwa mai zaman kansa tana da babban aibi, domin abin da yake kira riba a haƙiƙa abubuwa da dama ne a cuɗe: akwai ladan guminsa, akwai hayar ɗakinsa, akwai abin da jarinsa zai kawo ko a wane shago aka zuba shi, sa'an nan ne, in da saura, ake samun abin da suna ya jawo.

Saboda haka aikin farko shi ne tace ribar. Da saurayin ya zauna da akanta suka bi littafin wata-wata, sai suka tarar a shekara ta uku akwai wata kwangila ta kayan rabon azumi da wani mai hali ya bayar sau ɗaya tak, ta kawo ribar miliyan 1.2, kuma babu wanda zai yi alkawarin za ta dawo, don haka aka cire ta, ribar shekarar ta koma miliyan 8.4. Adalci kuma ya hukunta a duba ɗaya ɓangaren, domin a shekara ta farko ambaliya ta shiga sito ta ɓata sukari na naira dubu 600, wadda hasara ce da ba a saba da ita ba, sai aka mayar da ita cikin riba, shekarar ta zama miliyan 7.8. Matsakaicin shekarun uku ya koma miliyan 8.2.

Daga nan ne ake shiga wurin da ciniki yakan yi zafi. Alhaji bai taɓa rubuta wa kansa albashi ba, alhali tun bayan sallar asuba yake shago har magariba. In da za a ɗauki manaja ya yi wannan aiki, sai an biya shi, mu ce, naira dubu 150 a wata, miliyan 1.8 a shekara. 'Ya'yansa biyu suna tsaron kanta da lodi ba a biyansu, sai dai abinci da ɗinkin salla, mai saye kuwa dole ya ɗauki yara biyu a kan dubu 50 kowanne a wata, miliyan 1.2 a shekara. Ginin shagon mallakar Alhaji ne, ba ya cikin ciniki, kuma zai riƙa karɓar hayar miliyan 1.2 a shekara. In aka ɗebe waɗannan uku daga miliyan 8.2, abin da ya rage miliyan 4 ne daidai, kuma ita ce ribar da mai saye zai iya sa ran samu ya riƙe. Na san yana da ɗaci mutum ya ji an ce fiye da rabin abin da yake kira riba ladan wahalarsa ne da ta iyalinsa da hayar gininsa, kuma ba na ganin laifin dattijon da ya ɓata rai a kan haka. Amma in saurayin ya biya kuɗi a kan wannan kaso, to ya sayi guminsa na gobe ne da kuɗinsa na yau.

Aiki na biyu shi ne sake ƙimanta kadarori, kuma ba a yin sa a kan tebur, sai an tuɓe babbar riga an shiga sito. A littafi hajar miliyan 12 ce, amma da aka janye katan-katan na gaba aka leƙa na jikin bango, sai ga madarar gwangwani da kwanan watanta ya wuce, ga buhunan fulawa biyar da ɓera ya huda ta ƙasa, danshi ya dunƙule su kamar dutse, ga kuma wani sabulu da mutane suka daina saye tun bara. Ko da yake wasu kayan sun yi tsada bayan an saro su, da aka haɗa ƙari da ragi sai haja ta tsaya a miliyan 10.8. Littafin bashi ya nuna miliyan 4, sai dai da aka bi sunayen ɗaya bayan ɗaya, aka ga akwai wanda shekara biyu ke nan bai biya ko kwabo ba, akwai wanda ya bar gari, akwai wanda Allah ya yi wa rasuwa magada ba su san da maganar ba, har aka daidaita a kan dubu 800 ba lalle su fito ba, saura miliyan 3.2. Kantoci da sikeli da janareto sun sauka daga miliyan 2.5 zuwa miliyan 2. Motar ɗaukar kaya kuwa, wadda littafi ya rage ta zuwa miliyan 1.5, an kai ta wurin dillalan mota sun yi mata kuɗi miliyan 3, saboda tsadar da motoci suka yi. Jimlar kadarori ta zama miliyan 19, a maimakon miliyan 20 da ke littafi. Manyan diloli suna bin shagon miliyan 4, kuma saurayin ya yarda ya ɗauki wannan bashi, da sanin dilolin da amincewarsu, saboda haka tsantsar dukiyar da zai karɓa miliyan 15 ce.

A nan ya kamata in tsaya kaɗan a kan bashin da ake bin mutane, domin ilmin akanta ba ya ganin kome cikin a karɓi bashin miliyan 4 a kan miliyan 3.2, amma fiƙihu yana da magana a kan sayar da bashin kuɗi da kuɗin da bai kai shi ba, kuma ko Malikawa da suka halatta sayar da bashi ga wani sun gindaya sharuɗɗa masu tsanani. Hanya mafi kuɓuta ita ce a bar bashin a hannun mai sayarwa, farashi ya ragu da gwargwadonsa, mai saye ya zama wakili kawai yana karɓa yana miƙa masa. Mun bar shi cikin misalinmu ne domin a ga yadda ake rubuta shi, gama sau da yawa haka ake yi.

To, yanzu muna da adadi biyu a hannu, ribar miliyan 4 da dukiyar miliyan 15, kuma daga su ne kuɗin suna yake fitowa. Tambayar ita ce, in da saurayin ya ɗauki miliyan 15 ɗinsa ya buɗe sabon shago irin wannan a wani layi, nawa zai samu a shekara? Mu ce masu wannan sana'a sun saba samun kashi 20 cikin ɗari na jarinsu bayan an fitar da albashi da haya. Ba ruwan banki ake nufi ba, ribar ciniki ce da aka saba gani, kuma ana gane ta da tambayar waɗanda suke cikin harkar. Kashi 20 na miliyan 15 miliyan 3 ne. Ashe abin da shagon Alhaji ya fi sabon shago da shi miliyan 1 ne a shekara, kuma wannan rarar riba ita kaɗai ce amfanin suna. Saura a san shekara nawa za ta ɗore kafin ta zama aikin hannun sabon mai shago. In an ce uku, kuɗin suna miliyan 3 ne. Akwai kuma wata hanya da ake cewa, wane jari ne zai haifi miliyan 4 a kan kashi 20? Amsa miliyan 20. A cire miliyan 15, saura miliyan 5. Wannan ta biyu tana ɗauka rarar za ta dawwama har abada, shi ya sa a ganina iyaka ce ta sama wadda bai kamata a kai gare ta ba a shagon mutum ɗaya. Ko ta ina aka bi dai, tsakanin miliyan 3 da miliyan 5 ake, nesa ƙwarai da miliyan 16.8.

Adadin shekarun nan babu wani ma'auni da yake fitar da shi, ijtihadi ne da ciniki, amma akwai abin da yake shiryar da mai hankali. A wata shari'a da aka yi a kotun ɗaukaka ƙara ta Ingila a 1934 an siffanta abokan ciniki da dabbobi, ba don wulaƙanci ba, don bayyana ɗabi'a: akwai masu halin kyanwa, wadda take zama a gida ko da masu gidan sun tashi, akwai masu halin kare, wanda yake bin ubangidansa duk inda ya koma, akwai masu halin ɓera, da ba ruwansu da gida ko mai gida. Mai shayin da yake sayen sukari a shagon Alhaji don shi ne kusa da bakin titi, inda mai kura zai ɗauka ba wahala, zai zauna. Amma ɗan ƙauyen da yake zuwa duk ranar Laraba don Alhaji ya san mahaifinsa, yana ba shi kaya bashi ba takarda, har yana ajiye masa kuɗi amana, wannan ba shago yake zuwa ba, wurin mutum yake zuwa, kuma a kasuwanninmu, inda yawancin ciniki a kan amana da sanayya yake tafiya, irinsa sun fi yawa. Dilan da yake sauke wa Alhaji tirela a biya bayan mako biyu shi ma ba lalle ya yi wa baƙon fuska haka ba. Don haka kafin a yarda da shekara uku, sai mai saye ya ɗauki sunayen manyan abokan ciniki ashirin, ya tambayi kansa game da kowanne ko zai dawo in ya iske wani a kan kujera. In ya ga mutum huɗu ko biyar ne suke ɗauke da rabin cinikin, kuma dukansu aminan Alhaji ne, to ya rage tayi.

Abin da yake mayar da amanar mutum ta zama ta shago sharuɗɗa ne da ake rubutawa gaban shaidu: Alhaji ya zauna a shagon wata uku yana gabatar da saurayin ga masu saye da diloli, kada ya buɗe irin wannan ciniki kusa da wurin har wani lokaci sananne, ya bar lambar wayar shago da sunan da ke kan allo, a kuma gyara rajistar sunan a hukumar rajistar kamfanoni, ya ba da hayar ginin ta shekaru da aka ambata, domin sunan da ya dogara da wuri ba shi da wani amfani ga wanda za a iya tasa baɗi. Da waɗannan sharuɗɗa aka sallama a kan miliyan 18, a biya miliyan 12 hannu da hannu, miliyan 6 bayan wata shida, aka rubuta ajalin kamar yadda ayar bashi ta Suratul Baƙara ta yi umarni.

Sai mu koma ga littattafan mai saye. Ƙa'idar rubutu biyu ita ce kowane adadi ya shiga hagun wani asusu, wanda akantoci suke kira debit, ya kuma shiga daman wani, watau kiredit. Saurayin ya zuba miliyan 14 a asusun banki na shago, sai a rubuta su a hagun asusun banki da daman asusun jari. Daga nan a buɗe wani asusu na wucin gadi mai suna asusun sayen kasuwanci, a sa miliyan 18 a hagunsa, a sa su a daman asusun Alhaji, domin yanzu shi mai bin bashi ne. Kowace kadara a buɗe mata asusunta a rubuta ta a hagu da sabuwar ƙimarta, haja miliyan 10.8, kayan aiki miliyan 2, mota miliyan 3, bashin da ake bi miliyan 3.2, jimlarsu miliyan 19 kuma ta shiga daman asusun saye. Game da bashin, ya fi kyau a rubuta miliyan 4 cif a asusun waɗanda ake bi, a buɗe asusun tanadin bashi mai shakka da dubu 800 a dama, domin ba a yafe wa kowa ba, kuma in an soke sunayensu babu mai sake tambayarsu. Bashin diloli na miliyan 4 ya shiga daman asusunsu da hagun asusun saye. Yanzu hagun asusun saye yana da miliyan 22, damansa miliyan 19, kuma giɓin miliyan 3 da ya rage shi ake ɗauka a kai hagun asusun kuɗin suna, asusun saye ya rufe. Da aka biya miliyan 12 sai a rubuta su a hagun asusun Alhaji da daman banki.

In an yi daidai, takardar bayanin dukiya ta ranar farko za ta nuna kadarori miliyan 19, kuɗin suna miliyan 3, banki miliyan 2, jimla miliyan 24. A ɗaya gefen kuma diloli miliyan 4, Alhaji miliyan 6, jari miliyan 14, jimla miliyan 24. Abin lura shi ne, a littafi kuɗin suna ba lissafin rarar riba ne yake fitar da shi ba, wancan na zaman ciniki ne. A littafi saura ne kawai, abin da farashi ya ɗara tsantsar dukiya da shi. Da an sallama a kan miliyan 19, da miliyan 4 za a rubuta, ko da lissafi ya ce 3.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a kwafe adadin littafin mai sayarwa. Wanda ya yi haka zai ga tsantsar dukiya miliyan 16, ya rubuta kuɗin suna miliyan 2, littafinsa kuma ya daidaita sarai, shi ya sa kuskuren yake ɓuya. Ba zai bayyana ba sai ƙarshen shekara, sa'ad da ƙidayar haja ta nuna giɓin miliyan 1.2 da ba a san mafarinsa ba, a shiga zargin yaran shago da sata, alhali fulawar tun kafin zuwansu ta lalace. Na biyu shi ne a manta da bashin diloli, a cire miliyan 19 daga 18, a ɗauka an yi sayen araha. Sayen araha yana faruwa, musamman in mai sayarwa yana cikin matsi ko magada suna gaggawar rabon gado, kuma ƙa'idar akanta ta duniya mai lamba IFRS 3 ta ce a irin wannan hali a sake bin ƙimar kadarori da basussuka tukuna, in ta tabbata sa'an nan a ɗauki bambancin a matsayin riba. Sau da yawa kuwa sake binciken yakan tono wani bashi da ba a ambata ba.

Mai karatu zai iya tambaya me ya sa kuɗin suna bai taɓa fitowa a littafin Alhaji ba, alhali shi ya gina shi. Ƙa'ida ta hana mutum ya rubuta sunan da ya gina da kansa a matsayin kadara, domin babu cinikin da ya tabbatar da ƙimarsa, sai ranar da wani ya biya. A wurin Alhaji abin da zai bayyana shi ne ribar miliyan 2 a kan littafinsa, watau miliyan 3 na suna, a ɗebe miliyan 1 da kadarori suka ragu, ta shiga asusun jarinsa kafin ya rufe.

Bayan shekara ta zagayo, manyan kamfanoni masu bin cikakkiyar ƙa'idar duniya ba sa rage kuɗin suna kashi-kashi, sai dai su gwada shi kowace shekara ko ƙimarsa ta faɗi. Ƙa'idar ƙananan kamfanoni kuwa ta ce a riƙa rage shi bisa tsawon amfaninsa, in kuma ba a iya ƙiyasta tsawon da tabbaci ba, kada a wuce shekara goma. Ga saurayinmu, tun da rarar shekara uku ya saya, abin da ya dace shi ne ya ɗebe miliyan 1 kowace shekara, a hagun asusun riba da hasara, a daman asusun kuɗin suna, har ya ƙare. Idan kuwa a wata na takwas ya duba jerin sunayen nan ashirin ya ga goma sha biyu sun daina zuwa, ribar shekara kuma ta doshi miliyan 3 a maimakon 4, to rarar da ya biya dominta ta tafi, kuma ba zai jira shekara uku ba, sai ya shafe abin da ya rage a asusun a cikin lissafin wannan shekarar.